Ga Biro, Sayar Mini: Shirin Ganawar Neman Aikin Wakilin Sayar da Kaya

An yi gaisuwa, an duba takardu, an tambaye ka inda ka yi karatu da inda ka taɓa aiki. Ka fara sakin jiki, kana ganin abin ya zo da sauƙi. Sai manajan da ke zaune a tsakiya ya zaro biro daga aljihun gaban rigarsa, ya ajiye a kan tebur, ya turo maka shi da ɗan yatsa, ya ce: "To, bismilla. Sayar mini da wannan."

Na zauna a irin wannan tebur a ɓangaren masu tambaya, na kuma ga abin da ke biyo baya sau da dama. Yaro mai takardu masu kyau zai ɗauki biron, ya jujjuya shi, ya yi gyaran murya, sannan ya kama yabo. Biro ne mai kyau, mai inganci, yana rubutu sumul, ba ya ɓata hannu, ga shi da araha. Kafin minti guda kalmomin yabon sun ƙare, sai ya koma ya maimaita su. Manaja ya ce, "Ina da biro a gida." Yaron ya yi murmushin yaƙe, ya ce, "Amma wannan ya fi shi kyau." Daga nan magana ta mutu. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, domin yawancin waɗannan matasa ba rashin basira ke damunsu ba. Wasunsu sun tashi a gidan 'yan kasuwa, sun sha tsare shagon mahaifinsu a Sabon Gari ko Kantin Kwari, kuma da a can ne mutum ya tsaya a gabansu, abin da za su fara cewa shi ne, "Alhaji, me ake nema?" Kwat da taye da sanyin ofis ne ke mantar da su wannan tambayar, alhali ita ce ƙofar cinikin.

Wannan gwaji ya daɗe a wurin masu ɗaukar 'yan talla aiki, amma fim ɗin The Wolf of Wall Street na shekarar 2013 ne ya yaɗa shi a duniya. Martin Scorsese ne ya ba da umarni, Leonardo DiCaprio kuma ya fito a matsayin Jordan Belfort, wani dillalin hannun jari na Amurka wanda kamfaninsa Stratton Oakmont ya damfari masu zuba jari, har ya yi zaman kaso na wata 22. A cikin fim ɗin Belfort ya miƙa wa wani abokinsa biro a wurin cin abinci ya ce ya sayar masa. Abokin ya karɓe biron, ya nemi Belfort ya rubuta sunansa a kan takardar goge baki. Da Belfort ya ce ba shi da biro, sai abokin ya nuna cewa ai ga buƙata nan ta samu. Matasa da yawa sun kalli wannan wurin sun haddace, suna zuwa ganawa suna kwaikwayonsa. Shawarata ita ce kada ka yi. Duk manajan da ya yi shekara biyu yana ɗaukar ma'aikata ya ga wannan wasa fiye da sau goma, kuma yawanci yana da biro na biyu a aljihu, zai zaro shi ya rubuta sunan ya dube ka. Shi kansa Belfort na gaskiya, da aka tambaye shi daga baya a hirarraki, cewa ya yi hanyar da ta dace ita ce mai sayarwa ya fara yi wa mai saye tambayoyi, ya san ko yana neman biro da kuma irin wanda yake amfani da shi.

Me manajan yake dubawa? Biron ba ya gabansa. Yana so ya ga yadda za ka yi ranar da ya tura ka gaban wani babban ɗan sari a Kasuwar Singa, mutumin da ke amsa waya biyu a lokaci guda, yara na sauke kaya a bayansa, kuma wakilan kamfani huɗu sun riga ka zuwa da safe. Yana duban ko za ka yi tambaya kafin ka yi talla, ko za ka ji amsar da aka ba ka ka yi aiki da ita, yadda fuskarka za ta kasance idan aka ce maka a'a, da kuma ko za ka iya buɗe baki a ƙarshe ka nemi a saya. Wannan na ƙarshen shi ne inda mutane masu kunya suke faɗuwa, kuma tarbiyyarmu ta kawaici tana da hannu a ciki.

Yadda cinikin ke tafiya

Kafin ka fara, kana da damar neman bayani, kuma neman yana ƙara maka daraja. Ka ce: "Ranka ya daɗe, in ɗauke ka a matsayinka na manaja a wannan ofis, ko a matsayin mai shago da zai sara ya sayar?" Ka kuma tambayi farashin da za ka yi aiki da shi. In ya ce ka yanka da kanka, sai ka yanka wanda ya yi kusa da na kasuwa. Idan da Turanci ake ganawar amma aikin na zagayen kasuwannin Kano ko Kaduna ko Sakkwato ne, ba laifi ka tambaya ko za a yi wasan da Hausa, tunda da ita za ka yi ainihin aikin. Masu ɗaukar aiki da yawa suna son su ji bakinka a harshen kasuwa.

Mu ɗauka ya ce ka ɗauke shi a matsayin manaja. Ga yadda wanda ya shirya zai bi da shi. Farashin da ke ciki misali ne kawai.

"Ranka ya daɗe, kafin in ce komai a kan biron nan, yaushe rabonka da rubutu da hannu?"

"Ɗazun nan. Na sa hannu a takardun fitar da kaya."

"Kamar takarda nawa kake sa wa hannu a rana?"

"Ban ƙirga ba. Talatin, arba'in, ya danganta."

"Da wane biro ka sa hannun?"

"Wanda na samu a kan tebur. Nawa ba sa zama, duk direban da ya shigo sai ya ɗauka ya tafi da shi."

"To in aka ɗauke, kuma ga mota a bakin ƙofa tana jiran takarda, yaya ake yi?"

"Sai a aiki masinja ya nemo a wani ofishin."

"Motar tana tsaye ke nan har ya dawo?"

"Tana tsaye."

A nan ne kawai mai neman aikin zai ɗaga biron. "Ranka ya daɗe, in na fahimce ka, damuwarka ba kyan biro ba ce. Damuwar ita ce a same shi a lokacin da ake nema. Da ka ce mini na sa hannu a wurin taro kake so, da wani mai tsada zan kawo maka. Amma wanda direbobi za su riƙa ɗauka, wannan ne daidai da shi: yana kama takardar rasit mai kwafi uku in an danna, jikinsa garau yake ana ganin tawada tun kafin ta ƙare, kuma in ya ɓata ba a yi asarar kirki ba. Kwali ɗaya guda 50 ne. A ajiye shi a durowarka, a ɗaure guda biyu a teburin direbobi. In kawo kwali ɗaya a gwada wannan watan, ko biyu har da na sito?"

Daga nan sai ya yi shiru. Wannan shirun yana da wuya, na sani. Daƙiƙa biyar sai ka ji kamar awa guda ce. Amma wanda ya yi tayi ya ci gaba da surutu yana ba mai saye hanyar zamewa ne, wani lokaci ma da bakinsa yake rage farashin da ba a nemi ya rage ba.

Dubi abin da ya faru a cikin wannan hira. Tambayoyi biyar aka yi, kowace ta fito daga amsar da ta gabace ta. Biyun farko sun gano halin da mutumin ke ciki. Ta uku ta tono matsala. Ta huɗu da ta biyar sun sa shi da bakinsa ya faɗi abin da matsalar ke jawowa, wato mota a tsaye da kaya a ciki saboda biron naira ɗari biyu. Wani mai bincike ɗan Birtaniya, Neil Rackham, ya yi shekaru 12 shi da abokan aikinsa suna nazarin ganawar ciniki kimanin 35,000, ya fitar da sakamakon a littafinsa SPIN Selling a 1988. Abin da ya gano shi ne ƙwararrun masu sayarwa sun fi yin tambaya, kuma tambayoyinsu suna tafiya daga halin da mai saye ke ciki, zuwa matsalarsa, zuwa illar matsalar, zuwa amfanin magance ta. Sai dai Rackham ya bambanta ƙaramin ciniki da babba. Dogon jerin tambayoyi na mai sayar da injin niƙa ko janareton masana'anta ne, inda mai saye zai yi makonni yana shawara. A ƙaramin kaya, 'yan tambayoyi kaɗan sun isa, sannan a nemi ciniki kai tsaye. Don haka kada ka mai da manaja kamar wanda ke gaban alƙali. Na ga wanda ya karanta cewa tambaya ita ce sirrin abin, ya jero goma sha biyu bai taɓa biron ba, har manajan ya dubi agogo. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma fa in yana tafiya bayan an nuna masa hanya. Tambaya uku zuwa biyar, wasan duka kada ya wuce minti biyu ko uku.

Alamar da za ta nuna maka kana kan hanya ita ce wanda ya fi magana. In a rabin farko muryar manaja ta fi taka yawa, kana tafiya daidai. In muryarka kaɗai kake ji, tsaya ka yi tambaya.

Idan aka ce maka albarka

Kusan dole ne manaja ya ƙi saye a karon farko, domin ƙin yana cikin jarrabawar. Mu a kasuwa mun san "albarka" ba ƙarshen ciniki ba ne, mafarinsa ne, amma sai ka ga yaro ya manta da haka a ofis, ya ji an ce a'a ya ajiye biro ya ce, "To, na gode."

Mafi yawan abin da za a ce maka shi ne ya yi tsada. Kada ka yi gardama, kada kuma ka zabge farashi nan take. Wakilin da ke rage kuɗi da zarar an ɗaure masa fuska ribar kamfani yake rabarwa, kuma manaja yana lura da wannan sosai. Tambaya za ka yi: "Ranka ya daɗe, da wanne ka gwada shi?" In ya ce akwai na naira ɗari a bakin titi, sai ka tambaye shi ko ya taɓa saye, da kuma yadda ya ƙare da shi. Sau da yawa shi zai ba ka labarin biron da ya ƙafe da rabin tawada a ciki ko ya tsiyaye a aljihun farar shadda. In dole sai an yi ragi, to a yi shi a kan wani abu: kwali biyu maimakon ɗaya, ko kuɗi hannu maimakon bashi.

Wani kuma zai ce, "Ni ba na rubutu, komai a waya nake yi." Wannan ya fi wuya, kuma a nan ake gane mai hankali. Kana iya bincikawa sau ɗaya ko biyu: takardar banki fa, rasit fa, ma'aikatan da ke ƙarƙashinsa fa, yara 'yan makaranta a gida fa? In duk ya toshe, to ka yarda da shi cikin mutunci. Ka ce, "In haka ne ba zan ɗora maka abin da ba ka buƙata ba. Amma wa ke sayo wa ofishin nan kayan rubutu? Zan so ka haɗa ni da shi." A ganina wannan amsa ta fi nacin da ba shi da kan gado. Wakilin da ya san lokacin da zai bar shagon da ba za a saya ba ya wuce na gaba ya fi kawo ciniki a ƙarshen wata, kuma wanda ya fita da sunan wani mai saye bai fita hannu rabbana ba.

Abu ɗaya da ba ni da sassauci a kansa shi ne ƙarya. Matasa kan ɗauka tunda wasa ne, suna iya cewa biron daga Jamus aka kawo shi, ko yana shekara biyar bai ƙare ba, ko guda uku kawai suka rage a duk garin. Manaja mai tunani zai ji wannan ya ce a ransa: haka zai yi wa kwastomomina. Aikin wakili ba irin na mai tallan maganin gargajiya a tasha ba ne, wanda zai sayar ya hau mota ya bar gari. Kai mako mai zuwa za ka dawo wannan shagon, da na bayansa, shekara da shekaru. Duk abin da ka faɗa yau za a tuna maka shi. Addininmu ma ya hana ɓoye aibin kaya, balle ƙirƙira masa darajar da ba shi da ita.

Ba ka ma buƙatar ƙarya, domin biron roba na yau da kullum yana da abin faɗa na gaskiya in ka kalle shi da kyau. Sunan da muke kiransa da shi ya samo asali ne daga László Bíró, ɗan jarida mutumin Hangari da ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938. A Nijar kuwa "bik" ake cewa, daga kamfanin Bic na Marcel Bich, wanda ya fito da samfurin Cristal a Faransa a 1950. Jikin wannan samfurin kusurwa shida gare shi, don ya zauna a yatsu kuma kada ya gangare daga tebur. Ɗan ramin da ke gefensa yana daidaita iskar ciki da ta waje don kada tawada ta tsiyaye. Hujin da ke saman murfin kuma an yi shi ne domin in yaro ya haɗiye murfin, iska ta samu hanyar wucewa. Ka ga ke nan abin da za ka ambata ya danganta da wanda ke gabanka. Uwa mai 'ya'ya a firamare za ta saurari maganar murfi. Akawu zai fi kula da jikin da ake ganin tawada. Ka faɗi ɗaya ko biyu da suka dace da abin da mutumin ya gaya maka, sauran ka bar su a cikinka.

In manaja ya zama mai shago

A kamfanonin kayan masarufi, masu sabulu da taliya da madara da lemo, manaja ya fi son ya zama mai shago, domin su ne mutanen da za ka riƙa hulɗa da su. A nan lissafin ya canza gaba ɗaya. Mai shago ba rubutu zai yi da biron ba, saboda haka santsin rubutu bai dame shi ba. Abin da ke ransa shi ne nawa zai samu, kwana nawa kayan zai yi kafin ya fita, da kuma wanda zai ɗauki asara in ya yi kwantai.

Tambayoyinka sai su koma can. "Alhaji, wane iri ne ya fi tafiya a wurinka? Kwali nawa kake sayarwa a mako? Akwai makaranta a kusa? Wa ke kawo maka, kuma yana kawowa a kan lokaci?" Sannan ka yi masa lissafi a fili, da baki, ba tare da ka zaro waya ba. Misali, kwali mai guda 50 a naira 7,500 ya kama naira 150 kowane ɗaya. In yana sayarwa 200, ribarsa 50 a kan kowane, wato 2,500 a kwali. In ya ce yana sayar da goma a rana lokacin da makarantu ke buɗe, kwalin zai ƙare cikin kwana biyar, uwar kuɗinsa ta dawo tun a rana ta huɗu. Mai neman aikin da ya iya wannan lissafi a tsaye ya riga ya wuce rabin abokan takararsa, ko da Turancinsa bai kai nasu ba.

Sai kuma tarkon da kusan kullum ake ɗanawa: "To ajiye kwali biyar, in na sayar ka zo ka karɓi kuɗi." Mai ɗoki zai ce ya yarda, yana murna ya yi ciniki. Bai san ya faɗi ba. Kayan da aka bayar ba a karɓi kuɗinsa ba, ba a sayar da shi ba tukuna, kuma bashin da ya maƙale a kasuwa yana cikin manyan abubuwan da ke raba wakilai da aikinsu. Amsar da ta dace ita ce ka ce bayar da bashi yana da ƙa'idar kamfani wadda ba kai kaɗai ke yanke ta ba, ka ba shi shawarar ya fara da kwali ɗaya kuɗi hannu, ka kuma sa masa ranar da za ka dawo ka ga yadda ya tafi.

Shirin da ake yi a kasuwa

Biro ɗan ɓangare ne na ganawar, kuma wani manajan ma ba zai kawo shi ba, sai ya miƙo maka robar ruwa ko kayan kamfanin kansa. Abin da zai tsaya maka a kowane hali shi ne yinin da ka ɓata a kasuwa kafin ranar. Karanta tarihin kamfani a waya yana da amfani, amma kowa ya yi wannan. Kai ka ɗauki littafi ka shiga shaguna goma ko goma sha biyar a unguwar da kake sa ran za a tura ka. Ka sayi kayan kamfanin ko da ƙarami ɗaya ne ka yi amfani da shi. Ka tambayi masu shago nawa suke sarowa, nawa suke sayarwa, kayan wane kamfani ne ke gogayya da shi, yaushe rabon da wakilin kamfanin ya leƙo, da kuma abin da masu saye ke kuka da shi. Ka duba da idonka ko kayan yana gaba inda ake gani ko an tura shi bayan kanta ya yi ƙura. Masu shago ba sa rowar irin wannan bayani in ka zo da sallama da ladabi, ka kuma kauce wa lokacin da ciniki ya yi zafi.

Ranar ganawa, sa'ad da aka tambaye ka me ka sani game da kamfanin, sai ka ce ka zaga shago goma sha biyu a unguwa kaza, takwas suna da kayan, huɗu ba su da shi, uku daga cikin huɗun sun ce ba a kawo musu ne, kuma abokin gogayya yana ba mai shago ribar da ta ɗara taku a kan kowane katan. Na ga yadda masu tambaya ke gyara zama in suka ji irin wannan. Ka faɗe shi da ladabi, ba da sigar tona asirin wakilin da ke wurin ba, domin mai yiwuwa ubangidansa ne ke zaune a gabanka.

Za a kuma tambaye ka yadda za ka cika adadin da aka ɗora maka a wata, abin da 'yan aikin ke kira taget. "Zan yi iya ƙoƙarina" ba amsa ba ce a wannan wuri. Ka farfasa adadin a gabansu. A ce katan 480 ne a wata, ranakun aiki 24, ya zama katan 20 a rana. In mai shago yakan ɗauki katan biyu, kana buƙatar masu saye goma. In kuma a cikin shago uku ɗaya ne ke saye, sai ka shiga shago talatin kullum. Daga nan sai maganar hanya: wace unguwa ranar Litinin, wace ranar Talata, yadda ba za ka ƙone mai kana tsallaka gari ba. Ko alƙalumanka ba su yi daidai da nasu ba, sun ga yadda kanka ke aiki, za su gyara maka.

Wanda bai taɓa aikin kamfani ba kada ya ce ba shi da ƙwarewa in ya taɓa sayar da wani abu. Tsaron shagon kawu, sayar da data a makaranta, turare ko atamfa da 'yar'uwa ke tallatawa a waya, duk ciniki ne. Ki faɗi da nawa kika fara, kwastoma nawa kika tara, wace ce ta ƙi saye sau uku kafin ta saya, da yadda kika karɓo bashin da ya kusa nutsewa. Labari ɗaya na gaskiya mai adadi a ciki ya fi cewa "ina da hazaƙa" sau goma. Kada dai a ƙara gishiri, domin tambaya biyu za ta tona.

Kai ma ka yi tambaya

A ƙarshe za a ce ko kana da tambaya. Mai neman aikin sayarwa da ya ce babu ya nuna abin da zai yi a gaban kwastoma. Akwai abubuwan da ya wajaba ka sani tun kafin ka sa hannu, domin a wannan aiki albashin da aka rubuta a talla ba ya nuna abin da zai shiga aljihunka. Nawa ne tsayayyen albashi, nawa ne kamasho? Ana lissafa kamashon a kan kayan da aka fitar ne ko a kan kuɗin da aka karɓo? Bambancin ba ƙarami ba ne. In kamasho kashi 1 cikin 100 ne, ka fitar da kayan naira miliyan 5, kana sa ran 50,000. Amma in a kan kuɗin da ya shigo ake lissafi, kuma miliyan 2 na hannun 'yan kasuwa, 30,000 za ka gani. Wa ke biyan kuɗin mai da na waya? In kwastoma ya gudu da bashi ko kaya ya lalace a mota, daga albashin wa za a cire? Mutum nawa ne a cikin wakilan yanzu suke cika taget ɗinsu? Ka jinkirta maganar kuɗi har sai an zo wannan gaɓa ko su sun tayar da ita, amma kada kunya ta sa ka fita ba ka yi ta ba.

Yawancin kamfanoni za su nemi masu tsaya maka, tunda kaya da kuɗi za su riƙa bi ta hannunka. Ka nemi yardar mutanen tun da wuri, ka kuma gaya musu gaskiyar abin da sa hannunsu ke nufi, wato ana iya bin su in kuɗi ya salwanta. Ka tafi da kwafin takardunka, da ta hidimar ƙasa in an nema, da lasin tuƙi in aikin na mota ne ko babur. Ka isa da wuri cikin tufafi masu tsabta, kuma ka riƙe biro naka mai rubutu. Duk wanda ya ce sai ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko ka sayi kayan farko da kuɗinka kafin a ɗauke ka, to kai ne kwastoman da yake nema, ka kama gabanka.

Kafin ka tashi, ka yi wa kanka abin da ka yi wa biron, wato ka nemi cinikin. Ka ce kana son aikin, ka tambaya ko akwai wani abu a bayaninka da bai gamsar da su ba don ka ƙara haske, ka kuma tambayi matakin da ke gaba da lokacin da za a ji sakamako.

Wannan duka ba ya zama a baki ta hanyar karatu. Kwana uku kafin ganawar, ka samu yayanka ko wani abokinka mai taurin kai, ka miƙa masa biro ka roƙe shi ya wahalar da kai: yau ya zama manajan da ba ya rubutu, gobe mai shagon da ke son bashi, jibi wanda ke cewa ya yi tsada. Ku ɗauki muryar a waya, ka saurara, ka ƙirga tambayoyin da ka yi kafin ka fara yabon biron, ka kuma duba ko ka nemi a saya a ƙarshe. In ba ka nema ba, ku sake daga farko.